Ya turo hoton ganye mai tabo bai ce uffan ba, me zan tambaye shi?

"Salam malam. Ina da ɗan shagon iri da maganin feshi a Agege. Jiya wani kwastomana mai lambu ya turo min hoton ganye guda ɗaya a waya, duk ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, ko sallama bai rubuta ba. Na san magani yake so in faɗa masa. Dan Allah me ya kamata in tambaye shi kafin in ce ga abin da zai fesa?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wallahi na ji daɗi da ka tsaya ka tambaya baka miƙa masa kwalba kawai ba, domin na daɗe ina yawo lambunan mutanenmu a nan Legas, daga gefen Ojo da Iyana Iba har Ikorodu, kuma asarar da na gani da idona ta maganin da aka fesa ba a san ciwon ba tana da yawa. Mutum ya kashe kuɗinsa, ya sha rana da famfo a baya, ganyen bai warke ba, wani lokacin ma maganin ne ya ƙarasa shi.

Shi tabo a ganye kamar zazzaɓi ne a jikin mutum, abu goma na iya kawo shi. Ganyen da wani sashe nasa ya mutu ruwan ƙasa zai koma, ko fumfuna ce ta ci shi, ko bakteriya, ko ƙwaro ne ya tsotse, ko kuma magani ne ya ƙona. A hoton waya, balle wanda aka ɗauka da tsakar rana hannu na rawa, duk kusan kama ɗaya suke. To abin da kake nema da tambayoyinka guda ɗaya ne kafin komai: wannan abu mai rai ne da ke yaɗuwa, ko kuwa ƙuna ce da ta faru sau ɗaya ta wuce? In ka raba waɗannan biyun ka yi rabin aikin, domin na biyun ba ya buƙatar ko cokali ɗaya na abin da ke shagonka.

Ka fara da tambayar wane shuka ne, kuma kwana nawa da shukawa ko dashe. Kar ka ce ai ka gane daga hoton. Ganyen tattasai da na attaruhu a hoto sai ka rantse ɗaya ne, shi kuma alayyafo in an yanke hoton kusa-kusa ba kowa zai tantance ba. Kuma amsar tana canza komai. In alayyafo ne ko latas ko lalo, wanda Yarbawa ke cewa ewedu, ganyen shi ne abincin, alayyafo sati 3 zuwa 4 an fara cirewa an kai kasuwa, to duk maganin da ka ba shi ka san cikin miyar mutane zai iya ƙarewa. Irin wannan ni sau da yawa shawarata ita ce a cire wanda ya lalace a girbe sauran da wuri, ba feshi ba. In kuma tumatir ne ko attaruhu da zai yi watanni a ƙasa, nan ne maganar feshi take da wuri.

Daga nan sai ka ce masa ya koma lambun ya tsaya daga nesa ya ɗauko maka hoton bedin gaba ɗaya, sannan ya ɗauki shukar guda ɗaya daga ƙasa har sama. Wannan hoton ya fi na ganyen amfani nesa ba kusa ba, kuma shi ne manomi ba ya taɓa turowa da kansa, kullum ganyen da ya fi muni zai tsinko ya ɗora a tafin hannu. Abin da kake so ka gani shi ne ina tabon yake zaune a jikin shukar. Yawancin ciwon tabo na fumfuna a tumatir da barkono daga ganyen ƙasa yake farawa, tsofaffin nan da ke kusa da ƙasa, saboda ruwan sama ko na ban ruwa in ya daki ƙasa yana fantsalo ƙwayar cutar sama, kuma can ƙasan ne iska ba ta shiga, ganye ya daɗe a jiƙe. Sai ciwon ya riƙa hawa a hankali, yau ganyen ƙasa, bayan sati na tsakiya. In ka ga haka, ƙasa ya lalace ya yi rawaya yana zuba, tsakiya ya fara, sama lafiya lau, to ka fara zargin ciwo na gaskiya. Amma in tabon a saman shukar yake, a ganyen da ke fuskantar sama, na ƙasan da ke cikin inuwa kuma ba abin da ya same su, to abu ne ya sauko daga sama ya faɗa musu.

Bari in ba ka labarin da ya sa nake nacewa a kan wannan. Wata damina, cikin watan Yuni lokacin da ruwa ke zuba kusan kullum, wani dattijo mai lambun attaruhu a gefen Ojo ya sa ɗansa ya turo min hoto irin naka sak, ganye ɗaya ba magana. Tabo ne zagaye-zagaye, tsakiyar fari-fari, gefen ya ɗan yi duhu. Duk wanda ya san barkono in ya ga wannan zai ce ciwon nan ne da ake kira idon kwaɗo, fumfuna ce da ke yin tabo mai farar tsakiya da baƙin gefe, kuma ga damina, ga laimar Legas, komai ya dace. Har na fara rubuta masa sunan magani sai na goge na buga waya. Na ce Baba yaushe ka fara gani? Ya ce shekaranjiya da safe ya zo ya tarar. Na ce kafin nan babu ko kaɗan? Ya ce wallahi babu, kwana uku da suka wuce ya zaga yana cire ciyawa da hannu, ganye shar. To nan jikina ya fara ba ni, domin fumfuna ba ta cika gona a dare ɗaya, tana farawa ne da ɗigo nan ɗigo can, wani ƙarami wani ya girma wani ya tsufa har ya huje. Na ce tabon duk girmansu ɗaya ko akwai manya da ƙanana? Ya ce kusan duk ɗaya, kamar an yayyafa. Na ce duk lambun ne? Ya ce a'a, bedi uku na gefen hanya sun fi, na huɗu kaɗan, daga nan zuwa ciki babu komai.

Washegari na je. Ina isa ban ma kalli attaruhun ba na durƙusa na kalli ciyawar da ke tsakanin bedin, ita ma ga tabon nan iri ɗaya, ga wani gwanda ƙarami a bakin lambun shi ma ganyensa na gefe ɗaya duk ɗigo, har da kuɓewa guda biyu da yaron ya shuka. To ka riƙe wannan da kyau: ciwon shuka yana da zaɓe, wanda ke cin barkono ba zai bi gwanda da kuɓewa da ciyawa ya yi musu tabo iri ɗaya rana ɗaya ba. Abin da ba ya zaɓe shi ne magani. Na ɗaga kai na ga hanyar da ta raba shi da maƙwabcinsa ciyawarta ta bushe ƙurmus kamar an sa wuta. Ashe maƙwabcin ne ya fesa maganin ciyawa mai ƙonawa nan take, irin mai sinadarin farakwat, da yamma lokacin da iskar teku ta taso, iskar ta kwaso feshin ta watsa wa bedin gefe. Shi wannan maganin duk inda ɗigonsa ya sauka nan yake kashewa, cikin kwana ɗaya ko biyu tabon ya fito, amma in ɗigo ne kawai ba ya bin jikin shukar ya kashe ta. Na ce Baba kar ka fesa komai. Muka ɗaura zare a reshe biyar, na zagaye wasu tabon da biro, na ce ya duba bayan kwana 4. Tabon bai wuce layin biron ba, sabon tohon da ya fito kuma tas. Attaruhun nan ya yi 'ya'ya yadda ya kamata. Da na ba shi maganin fumfuna da zai fesa duk sati har wata guda, kuma da sabon ganye ya fito lafiya zai ce maganin ne ya yi aiki, badi ma ya sake saya.

Shi ya sa tambayar da na fi ba muhimmanci bayan ta wuri ita ce me aka fesa ko aka zuba cikin sati biyu da suka wuce. Kuma yadda za ka yi tambayar yana da muhimmanci, in ka ce "ka fesa wani abu?" zai ce a'a, ba wai ƙarya yake ba, shi a wajensa takin ruwa ba feshi ba ne, kuma abin da yaronsa ya fesa ba shi ya fesa ba. Ka bi shi dalla-dalla cikin girmamawa: Alhaji yaushe rabon da a ɗauki famfo a lambun? Wa ya ɗauka? Me aka zuba ciki, a turo hoton kwalbar gaba da baya. Da me aka auna, murfin kwalba ne ko gwangwanin tumatir ko na madara, kuma famfon mai lita 16 ne ko 20? An haɗa magani biyu ko uku wuri ɗaya? Ƙarfe nawa aka fesa? Mutanenmu suna son haɗa maganin ƙwari da na fumfuna da takin ganye a famfo ɗaya, su ƙara awo wai don ya fi ƙarfi, su fesa da ƙarfe ɗaya na rana, wannan kaɗai ya isa ya ƙona ganye, za ka ga ƙunar a bakin ganye da tsininsa inda ruwan maganin ya gangara ya taru ya bushe. Sai babbar tambaya, famfon nan an taɓa fesa maganin ciyawa da shi? Ko aro aka yi? Yawancin masu lambu famfo ɗaya gare su, jiya ciyawa yau ƙwari, ɗauraya sau ɗaya ba ta fitar da abin da ya kwanta a tiyo da gindin tanki. Alamar wannan ita ce bedin da aka fara fesawa ya fi ƙonewa, abin ya riƙa raguwa yadda mai feshin ya tafi. Taki ma haka, yuriya in ta faɗa kan jiƙaƙƙen ganye tana barin tabo, kashin kaji ɗanye da bai ruɓe ba yana ƙona ƙananan shuka.

To in duk wannan ya ce babu, kuma abin daga ƙasa ya faro yana hawa, yana ƙaruwa kwana bayan kwana, sai a koma kan ganyen. Nan ma hoton da ya turo bai isa ba, ka ce ya juya bayan ganyen ya ɗauka, a inuwa ba cikin rana ba, sannan ya ɗaga wani ganyen sama ya sa haske a bayansa ya ɗauka. Kuma ya zaɓi ganyen da abin ya fara kamawa, ba wanda ya gama mutuwa ba, matacce ba ya nuna komai. Bayan ganye nan ne asiri yake. Alayyafo in ka ga rawaya-rawaya a sama ka juya ka ga fararen ƙuraje kamar an ɗiga alli, wannan ciwonsa daban ne. In kuma saman ganyen ɗigo ne ƙanana ƙwarai kamar bakin allura, fari ko rawaya, ganyen ya dusashe kamar ƙura ta hau shi, ka ce ya sa farar takarda a ƙasa ya kaɗa ganyen, in ya ga wasu ƙananan ja-ja kamar garin barkono suna motsi, ko ya ga saƙar gizo siririya a bayan ganyen, to ƙananan jajayen gizo ne masu tsotsa. Su sun fi yawa da rani lokacin da ruwa ya ɗauke, kuma maganin fumfuna ba ruwansa da su, maganin ƙwari na gama-gari ma sau da yawa ƙara su yake saboda yana kashe ƙwarin da ke cinye su, su sai irin mai abamektin, kuma a fesa bayan ganyen. A tumatir kuma in tabon fari ne kamar leda, ka ɗaga a haske ka ga cikinsa rami ne da ɗan baƙin kashi ko tsutsa a ciki, wannan tsutsar nan ce da ta gama da tumatir a Kano da Kaduna a 2016, ba ciwon ganye ba ne sam.

Wanda ya fi wuyar rabewa ko a wajenmu shi ne fumfuna da bakteriya, kuma ba zan ce maka hoto zai raba su kullum ba. Amma akwai alamu. Na fumfuna a tumatir, wanda ya fi yawa, tabonsa busasshe ne mai zobe cikin zobe kamar an zana, da rawaya kewaye da shi. Na bakteriya yana farawa ne kamar an ɗiga mai ko ruwa a takarda, ƙanana, in ka ɗaga a haske da safe za ka ga gefensa a jiƙe, ba shi da zobe, a barkono kuma yana sa ganye zuba sosai har 'ya'yan su yi ƙurji mai kaushi. Don haka ka tambaye shi ko akwai tabo a kara da 'ya'ya, ka kuma tambaye shi ina ya samo irin ko dashen, domin bakteriyar nan tana biyo iri, wanda ya matse irinsa daga attaruhun da ya saya a kasuwar Mile 12 bai san abin da ya kwaso ba. Bambancin yana da amfani a shagonka, mankozeb na fumfuna ne, ga bakteriya sai mai sinadarin tagulla, shuɗin nan ko kore-kore. Kuma dukansu biyun kariya suke yi wa ganyen da bai kamu ba, tabon da ya riga ya fito ba zai goge ba har abada. Ka faɗa masa wannan tun kafin ya biya kuɗi, in ba haka ba bayan kwana uku zai dawo ya ce ka sayar masa da jabu. Sabon ganye ake kallo a san ko magani ya ci.

Kar ka manta ka tambayi yadda yake ban ruwa da kuma lokacin. A Legas wannan ba ƙaramin abu ba ne, mu da muka taso a Arewa mun saba da ruwa ya bi ta ƙasa ya shiga fangali ganye a bushe, nan kuwa yawanci da bokitin yayyafi ake zubawa daga sama, ga laima ga raɓa, in mutum ya yi ban ruwa da magariba ganyen zai kwana a jiƙe har hantsi, abin da ciwon ke so ke nan. Wanda ke yin haka ko wane magani ka ba shi ciwon zai dawo. Ya mayar da ban ruwan safiya, ya zuba a gindi in zai yiwu, ya tsinke ganyen ƙasa da suka kamu ya fitar da su daga lambun kar ya zubar a tsakanin bedi, kuma kar ya shiga yana taɓa shuka lokacin da take jiƙe. Ka tambaye shi kuma me ya shuka a wurin kafin wannan, in tumatir ne bayan tumatir ko barkono bayan tumatir ko gauta, duk dangi ɗaya ne, wasu ciwukan suna kwana a ragowar karan su jira na gaba. In lambun kusa da ruwan lagun yake kuma ƙunar a bakin ganye take zagaye, ka tambaya ko ruwan rijiyar ya fara ɗanɗanon gishiri da rani.

Sai ta ƙarshe wadda ba na yarda a tsallake, yaushe zai girba. Kowane magani na kirki an rubuta a takardar jikinsa kwana nawa za a jira tsakanin feshi da girbi, ka karanta masa da kanka domin da yawa ba sa karantawa, awon ma ka bi abin da ke jikin takardar ka nuna masa da ma'aunin da yake da shi a hannu. In ya ce jibi motar kasuwa za ta zo, ka ce ya girba tukuna, feshin ya biyo baya in har akwai buƙata.

Na san za ka ce tambayoyin sun yi yawa, mutumin da ko sallama bai rubuta ba ina zai zauna ya amsa duk wannan. Gaskiya ne, kuma wataƙila rubutun ne ma yake masa wuya shi ya sa ya turo hoton kawai, don haka kar ka rubuta masa, ka kira shi ko ka tura saƙon murya. Ka gaishe shi ka yi masa jaje, sannan ka ce: Alhaji na ga hoton, wane shuka ne kuma yaushe ka fara gani, ka ɗauko min bedin gaba ɗaya da bayan ganyen, ka duba min ko ciyawar gefe ma tana da tabon, sannan me aka fesa kwanan nan, kai ko maƙwabci. Amsar waɗannan za ta nuna maka inda za ka bi da sauran. In ka ji amsoshin sun ƙi haɗuwa, ka ce ya tsinko ganye biyar ko shida, wanda ya fara da wanda ya yi nisa da lafiyayye guda ɗaya, ya naɗe a takarda ba leda ba don kar su dahu a hanya, ya kawo maka shago da safe tare da kwalaben da ya yi amfani da su.